Sun rage saura biyu, sai in zaɓi wanda ba shi ba

*Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce daga Kumo a jihar Gombe. Bara na zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lafiya, kuma takardar kimiyya ce ta kayar da ni. Tambayoyin irin na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne. Wallahi ina karatu, amma in na zauna sai in ga amsoshin duk sun yi kama. Nakan cire biyu, sauran biyun su tsaya mini, in ta canzawa, daga baya in tarar wanda na bari shi ne daidai. Yayana ya ce duk inda na rasa in zaɓi C kawai. Saura wata biyu in sake zama, kuma Baba ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai biya. Don Allah ki taimaka mini.*

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da tambayar da nake yi wa duk ɗalibin da ya soke wata amsa a gabana: me ya sa? In abin da ya fito daga bakinsa shi ne "bai yi mini kama ba", nakan ce ya goge sokewar, domin bai cire komai ba tukuna. Ina kyautata zaton nan ne matsalarki take. Biyun farko da kike cirewa, ido ne yake cire miki su saboda sun yi nisa da batun. Biyun da suka rage kuwa da gangan aka ƙera su su yi kama, kuma ido ba ya raba su. Sai dalili, irin wanda za ki iya faɗa a jimla ɗaya da Hausarki, wani ya ji ya gamsu.

Na yi shekaru ina tsara irin waɗannan tambayoyi ga ɗalibaina, don haka na san yadda ake dafa su. Amsar gaskiya ake fara rubutawa. Sai malami ya zauna ya tuna kurakuran da yara suka saba yi a kan batun, ya mayar da kowane kuskure zaɓi. Ɗaya yakan zama gaskiya ce amma ta wata tambayar daban, ɗaya kishiyar amsar, ɗaya kuma abin da za a samu in an yi lissafi a juye. Kowane zaɓin banza yana da ƙofar da ya shigo ta ciki. Aikinki shi ne ki gano ƙofar.

Ɗauki tambayar da kusan ba a rasa irinta a jarrabawar masu neman aikin lafiya. Me ke haddasa zazzaɓin cizon sauro? A, macen sauro. B, bakteriya. C, ƙwayar filasmodiyom. D, bairas.

Sunan ciwon ma a Hausa yana tura ki zuwa A, kuma tun muna yara ake ce mana a shiga gidan sauro. Amma kafin ki dubi zaɓin, ki mayar da tambayar Hausa a ranki, ki kama kalmar da take ɗauke da nauyi. An ce me ke haddasawa. Ba a ce me ke ɗaukowa ya kawo ba. Yanzu ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Bairas shi ke kawo ƙyanda da shan inna, kuma ƙanƙantarsa ta kai ba a ganinsa da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum, alhali ƙwayar maleriya ana ɗiga jini a gilashi a rina shi a gan ta cikin jajayen ƙwayoyin jini. D ya fita da dalili. Bakteriya ita ke kawo taifot da kwalara da tarin fuka, kuma ta shigo wannan tambaya ne saboda mutane sun saba haɗa maleriya da taifot a baki ɗaya kamar ciwo guda ne. B ya fita.

Ga ki nan a inda kike maƙalewa, tsakanin A da C. A nan kada ki ƙara kallonsu kina jiran ɗaya ya yi miki murmushi. Ki nemi abu guda da ya raba su, ki gwada shi. Shin ana iya kamuwa da ciwon ba tare da sauro ba? Ana iyawa. In aka ƙara wa mutum jinin da ke ɗauke da ƙwayar, zai iya kamuwa ko da sauro bai taɓa shi ba, kuma mai juna biyu tana iya sa wa ɗan da ke cikinta. To ana iya kamuwa ba tare da filasmodiyom ba? Ba a iyawa. Sauron da bai ɗauko ƙwayar ba, ya cije ki sau goma, ƙaiƙayi kawai za ki yi. Ashe sauro ɗan aike ne. Tarihi ma haka ya zo da su a rabe: likitan Faransa Laveran ya ga ƙwayar a cikin jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, sai a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Amsa C ce. Da an tambayi abin da ke yaɗa ciwon, da A ce daidai, kuma zaɓin huɗun nan ba za su canza ba. Kin ga kalma ɗaya a cikin tambaya ita ce ta yanke hukunci.

Kada yayanki ya ce ai ga shi C ɗin ce ta fito. Ni na ajiye ta a can. Masu tsara jarrabawa suna warwatsa amsoshi a kan haruffa, kuma a jarrabawar kwamfuta sau da yawa tsarin tambayoyinki ba ya zama ɗaya da na maƙwabciyarki. Wanda ya zaɓi C ido rufe yana da rabo ɗaya cikin huɗu, daidai da wanda ya zaɓi A ko D. A tambayoyi 20 da ba ki sani ba, wannan zai ba ki kamar 5. In kika cire zaɓi biyu da dalili a kowace, ko da canka kika yi a sauran, kina sa ran kamar 10. Amma akwai sharaɗi da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Lissafin yana tsayawa ne kawai in amsar gaskiya tana cikin waɗanda kika bari. In kika soke ta tun farko don ba ta yi miki kama ba, to ko wane kika zaɓa kin faɗi. Shi ya sa nake dagewa a kan dalili. Zaɓin da ba ki san kalmarsa ba ma, ki bar shi a tsaye. Rashin saninki da shi ba laifinsa ba ne, kuma sau da yawa baƙuwar kalmar nan ita ce amsar.

Mu koma tsakar gida. Tambaya ta ce: me ya sa ruwan randa yake sanyi? A, ratsawar zafi ta jikin abu. B, tashin ruwa ya zama tururi ya bi iska. C, komawar tururi ya zama ruwa. D, zafin da ke tafiya kamar hucin rana ko na garwashi. A takardarki da Turanci za su zo, kowanne kalma ɗaya, kuma B da C ƙarshensu ɗaya a kunne, shi ya sa suke rikita yara.

Ki tuna randar gidanku a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Tana can a inuwa a kan yashi mai laima, jikinta ya yi duhu-duhu, in kika shafa sai tafinki ya jiƙe. Ruwan ciki ya fi iskar waje sanyi. Wannan kaɗai ya ishe ki ki cire biyu, domin zafi daga wuri mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. In ta jikin randa zai ratsa, ciki zai shiga ya ɗumama ruwan, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi in an bar shi a tukunyar miya. Haka hucin bango da na rana, shigowa yake yi. A da D suna kawo zafi, mu kuwa abin da ke fitar da shi muke nema.

Saura B da C, kuma dukansu suna barin laima a jikin abu, don haka ido zai ce duk ɗaya ne. Ki ɗauko ledar ruwa daga firij ki ajiye a kan tabarma. Nan da nan za ta yi gumi. Ledar ba ta yoyo, wannan ruwan daga iska ya zo, tururin da ke cikinta ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Me ke faruwa da ledar bayan haka? Ɗumi take yi. Tururi in zai koma ruwa sakin zafi yake yi, shi ya sa tururin tukunya yake ƙona hannu fiye da yadda ake zato. Abin da ke sakin zafi a jikin randa ba zai sanyaya ta ba, C ya fita. Ita randa ƙasa ce mai ƙananan ƙofofi, ruwan daga ciki yake tsattsafowa, in ya iso waje ya tashi ya bi iska, kuma kafin ya tashi sai ya ɗebi zafi daga jikin randar da ruwan da ya rage. Ki gwada amsar da abin da kika sani. Bokitin roba ba ya sanyaya ruwa, domin ba ya tsattsafo. Randa ta fi aiki a lokacin hunturu da bazara da iska take a bushe, a watan Agusta kuwa da iska ta cika da laima sanyinta raguwa yake yi. Gumin jikinki ma haka yake sanyaya ki. Duk sun tafi tare da B. In amsa ta yi daidai da abubuwa uku da kika gani da idonki, ki shafa ta ki wuce, kada ki waiwaya.

Na daɗe a kan randa ne don ki ga cewa dalilin ba dole sai daga littafi zai fito ba. Yarinyar da ta yi girki, ta ɗebi ruwa, ta yi jinyar ƙane, tana da kimiyya mai yawa a hannunta, sai dai an saba mata da cewa in ta shiga ɗakin jarrabawa ta bar shi a bakin ƙofa tare da jakarta. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai.

Tambayoyin lissafi su ne suka fi sauƙin tacewa, ko da yake su ɗalibai suka fi tsoro. A ce mota ta yi tafiyar kilomita 150, kusan tsawon hanyar Gombe zuwa Bauchi, a cikin awa biyu da rabi. Nawa ne matsakaicin gudunta? A, kilomita 375 a awa. B, kilomita 75 a awa. C, mita 60 a daƙiƙa. D, kilomita 60 a awa. Tun kafin ki taɓa biro A ya fita, domin babu motar haya da ke wannan gudun, kuma kin ga ta inda ya shigo: an ninka 150 da 2.5 maimakon a raba. B na wanda ya manta da rabin awar ne ya raba da 2. Ki gwada shi a baya: 75 a awa biyu ya riga ya cinye 150, to ina rabin awar? C da D lambarsu ɗaya, ma'auninsu ya bambanta. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, don haka mita 60 a kowace daƙiƙa ya zama mita 216,000 a awa, wato kilomita 216. Direban da ke wannan gudun zai kai Bauchi cikin minti arba'in da 'yan kai. An ba ki kilomita da awa, amsa ta fito da kilomita a awa. D ce. Duk tambayar da ke da lamba, ki fara duba ma'auni, sannan ki tambayi kanki ko girman lambar zai yiwu a duniya, sannan ki mayar da amsar cikin tambayar ki ga ko ta zauna.

Akwai wasu da ake juya su, a ce duk waɗannan kaza ne ban da ɗaya. Kalmar "ban da" ɗin sau da yawa da manyan baƙaƙe ake buga ta, amma gaggawa takan sa a tsallake ta. Duk waɗannan suna shayar da 'ya'yansu ban da: jemage, dorina, kada, bushiya. A irin wannan ki daina tunanin daidai da kuskure, domin nan kai yake juyewa. Ki yi wa kowanne tambaya ɗaya, yana shayarwa? Ki sa e ko a'a a gefensa. Jemage yana tashi kamar tsuntsu, amma haihuwa yake yi ya shayar, e. Dorina tana wuni a ruwa, kamar waɗanda ke kogin Gaji a Yankari, amma tana shayarwa, e. Bushiya ƙaya ce a bayanta, ita ma e. Kada ƙwai yake sakawa a gaɓar ruwa kuma ba ya shayarwa, a'a. Wanda ya fita daban shi ne amsa. Jemage an sa shi ne don mai gaggawa ya ga fiffike ya fāɗa.

Yanzu batun canza amsa, wanda na ji shi ne ya fi ci miki rai. Za ki ji wasu na cewa kada a taɓa canza abin da aka fara zaɓa. Ban yarda da wannan ba. In kika dawo kika ga kin tsallake "ban da", ko kin karanta mita a matsayin kilomita, ko wata tambaya a gaba ta tuna miki abin da kika manta, ki canza ba tare da jinkiri ba. In kuwa babu abin da ya ƙaru sai bugun zuciya, ki bar ta yadda take. Kafin ki goge, ki faɗa a ranki: na canza saboda kaza. In jimlar ta ƙi ƙarasuwa, hannunki ya bar wurin.

Dole kuma in gaya miki inda wannan hanya take tsayawa, don kada ki jingina da ita fiye da ƙarfinta. In aka tambaye ki iskar da ta fi yawa a sararin da muke shaƙa, tsakanin oksijin, naitirojin, haidirojin da kabon dayoksaid, hankali zai kai ki wani wuri. Haidirojin tana kamawa da wuta, da ita ce ta fi yawa da ƙyasta ashana ya zama bala'i. Kina ma iya cewa da oksijin ce ta cika iska, da ba a buƙaci a ɗaura wa majiyyaci tukunyar oksijin a asibiti ba. Amma wanda ya karanta ya san naitirojin kusan kashi 78 cikin ɗari ce, oksijin kusan 21, kabon dayoksaid kuwa ba ta kai ko kashi ɗaya ba, shi zai amsa cikin daƙiƙa biyar ya adana lokacinsa. Wasu kuma babu hankalin da zai kai ki, kamar alamar sinadarin sodiyom, Na, ko ta fotasiyom, K. Waɗannan haddace su ake yi. Sannan ki yi hattara da dabarun da ake yaɗawa, wai amsa mafi tsawo ita ce daidai, ko wai duk zaɓin da ya ce "kullum" ko "duka" ƙarya ne. A kimiyya akwai "duka" na gaskiya: duk wani abu mai rai yana buƙatar ruwa, kuma zafi da kansa kullum daga mai zafi yake zuwa mai sanyi. Siffar jimla ba dalili ba ce.

Ga yadda nake so ki yi da wata biyun nan. Ki samo tsofaffin tambayoyi, na makarantar in akwai, in babu na WAEC da JAMB masu zaɓi huɗu, har da na NECO masu zaɓi biyar, duk za su yi. Ki ware littafi guda. Kowace rana tambaya goma kacal, amma kowace tambaya layi huɗu, layi ɗaya ga kowane zaɓi, ki rubuta da Hausa abin da ya sa ya fita ko ya zauna. Kada ki buɗe shafin amsoshi sai kin gama goman. Da farko zai ɗauke ki awa guda ko fiye, kuma za ki ga layuka da yawa sun tsaya babu komai. Waɗannan layukan su ne jadawalin karatunki na gobe, su za ki buɗe littafi a kansu, maimakon ki fara daga shafin farko kina bi har barci ya ɗauke ki. In kika faɗi tambaya, ki rubuta a gefe ko rashin sani ne, ko rashin karanta tambaya da kyau, ko kin canza ba dalili. Bayan mako biyu ki ƙirga, za ki ga wanne ya fi yawa. Littattafan amsoshin da ake sayarwa a kasuwa ma sukan yi kuskure, don haka in dalilinki ya yi ƙarfi kuma amsarsu ta saɓa, ki kai wa malamin kimiyya ya raba ku.

Shi yayan naki, tunda ya damu da ke, ki ba shi aiki. Bayan sallar isha'i ya riƙe littafin, ya karanto tambaya, duk zaɓin da kika cire ya ce miki "saboda me?", kada ya wuce sai kin ba shi jimla cikakkiya. Ba sai ya san kimiyya ba.

A makonni biyun ƙarshe ki daina rubuta dalilan, ki riƙa faɗarsu a zuci da agogo a gabanki. In tambaya 50 ce a awa ɗaya, kowace tana da daƙiƙa 72, don haka zagayen farko ki kwashe waɗanda kika sani, ki sa alama a masu gardama, ki dawo musu da sauran lokacin. In an ba ku takardar lissafi, ki rubuta lambar tambayar da haruffan da kika riga kika cire, don kada in kin dawo ki sake aikin daga farko. Ranar jarrabawa ki karanta umarnin da ke sama tukuna, ki ga ko ana rage maki a kan amsar da ba daidai ba. In ba a ragewa, kada ki bar ko tambaya ɗaya babu amsa. In ana ragewa, ki amsa waɗanda kika cire aƙalla biyu a cikinsu, ki bar waɗanda huɗun duk suke tsaye.

Ki nuna wa Baba littafin nan bayan mako biyu, ya ga abin da kike yi da kuɗinsa. Allah Ya ba ki sa'a, Ya sa ki rubuto mini da labari mai daɗi.